Sakan Tara a Marakesh: Yadda Ake Auna Nisan Girgizar Ƙasa

Da ƙarfe 11:11 na daren Juma'a, 8 ga Satumba 2023, dutse ya tsage a ƙarƙashin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko. Girgizar ta kai maki 6.8, ta kuma kashe mutane kusan 3,000, mafi yawansu a ƙauyukan lardin Alhawuz da na Tarudant. Tun mutanen Marakesh ba su gama fitowa kan tituna ba, cibiyoyin bincike na duniya suka fara sanar da inda abin ya faru: kudu maso yammacin birnin, kimanin kilomita 72 daga gare shi. Babu wanda ya je wurin a lokacin. Wasu hanyoyin ma duwatsu sun zubo sun toshe su, sai da aka yi kwanaki kafin a kai ga wasu ƙauyukan. To ta yaya wanda ke zaune gaban na'ura a wani gari, ko ma a wata nahiya, ya san nisan wurin da ƙasa ta tsage?

Amsar tana cikin wani abu da mutum kan iya ji da jikinsa idan girgiza ta same shi: ƙasa ba sau ɗaya take motsawa ba, sau biyu ne. Da farko akan ji wani ɗan bugu daga ƙasa, tagogi su kaɗa, wani lokaci har da ƙugi. Sai a ɗan samu sauƙi, ko a ci gaba da jin rawa 'yar kaɗan. Daga nan sai babban jijjigar ta zo, wadda ke kai mutum hagu da dama. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce ma'aunin nisa.

Idan dutse ya tsage a can ƙasa, ƙarfin da ya daɗe yana taruwa a cikinsa yana fita ne ta kowace fuska a matsayin igiyoyin motsi. Iri biyu ne ke ratsa cikin dutsen kansa. Ta farko tana tafiya ne ta hanyar matsi: dutse ya tura na gabansa, ya matse shi, sannan ya sake shi, na gaban shi ma ya tura na gabansa. Motsin yana bin fuskar da igiyar take tafiya, gaba da baya. Haka sauti yake tafiya a cikin iska, shi ya sa idan wannan igiya ta fito saman ƙasa wani ɓangarenta kan shiga iska a ji shi da kunne. Masana suna rubuta ta da harafin P.

Ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin S, ba ta matse dutse. Karkata shi take yi. Igiyar tana tafiya gaba, amma dutsen yana motsi gefe da gefe, ko sama da ƙasa, wato a giciye da hanyar da take bi. Dutse ya fi tirjiya idan aka matse shi fiye da idan aka karkata shi, kuma gwargwadon tirjiyar abu gwargwadon saurin da igiya ke ratsa shi. Wannan ne ya sa igiyar farko kullum take riga ta biyu isowa. A cikin ɓawon ƙasa, inda dutse yake da tauri, ta farko tana cin kusan kilomita 6 a sakan ɗaya, ta biyu kuwa kusan kilomita 3.5. Sai dai mai jinkirin ita ce mai ƙarfin. Ita da igiyoyin da ke biyo bayanta ta saman ƙasa su ne ke kayar da bango, domin gini an yi shi ne ya ɗauki nauyi daga sama, ba a yi shi don a riƙa fizgarsa gefe da gefe ba.

An daɗe da hasashen cewa abu mai tauri zai ɗauki motsi iri biyu, tun wajen 1830 masana lissafi na Faransa suka fitar da hakan a takarda. Amma sai a ƙarshen ƙarni na 19, da aka samu na'urori masu zana motsin ƙasa, aka gan su da ido. Richard Oldham, Bature ɗan Birtaniya da ya yi aikin binciken ƙasa a Indiya, ya yi nazarin babbar girgizar Assam ta 1897, kuma a 1900 ya nuna yadda za a bambance igiyar farko da ta biyu da ta saman ƙasa a jikin zanen na'ura. A Japan kuma, Fusakichi Omori ya lura cewa tsawon lokacin 'yar rawar farko, kafin babban motsi ya iso, yana ƙaruwa ne daidai da nisan girgizar. Har yau ana koyar da wannan ƙa'ida da sunansa a makarantun ƙasar.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin zaure da damina ya san dabarar. Walƙiya da tsawa tare suke tashi, amma haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kilomita ɗaya a kusan sakan uku. Idan ka ƙirga sakan shida tsakanin walƙiya da tsawa, hadarin yana nisan kilomita biyu. Ba ka buƙatar sanin ƙarfe nawa aka yi walƙiyar. Tazarar kaɗai ta ishe ka.

A girgizar ƙasa lissafin yana da ɗan ƙarin mataki, don igiyar farko ita ma tana ɗaukar lokaci kafin ta iso. Mu ɗauki nisan kilomita 42, don ya rabu da sauƙi. Igiyar farko za ta ci shi a sakan 7, ta biyu a sakan 12. Tazara sakan 5 ke nan. Idan nisan ya ninka ya zama kilomita 84, ta farko sakan 14, ta biyu sakan 24, tazara ta zama sakan 10. Kowane sakan ɗaya na tazara yana nufin kilomita 8.4. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ƙirga sakan nawa ne tsakanin isowar P da isowar S, a ninka da 8.4. Masu aikin sukan ce a ninka da 8 kawai idan ana gaggawa, domin saurin dutse ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Omori da kansa, a duwatsun Japan, ya samu abin ninkawa da ya ɗan haura 7.

Yanzu mu koma Maroko mu gwada. Lambobin da ke tafe lissafi ne da aka yi da matsakaicin saurin nan guda biyu, bisa ƙaddara cewa akwai na'ura a tsakiyar kowane birni.

Na'urar Marakesh za ta kasance tana zana layi kusan miƙaƙƙe, da ɗan motsin motoci da iska. Da misalin ƙarfe 11:11 da sakan 13, layin ya yi tsalle, ya fara ƙananan rawa masu sauri. P ke nan. Da sakan 22, rawar ta ƙaru ƙwarai, ta kuma faɗaɗa. S ke nan. Tazara sakan 9. Idan aka ninka 9 da 8.4 za a samu kilomita 75 da ɗan ɗoriya. Daga nan ana iya komawa baya a gano lokacin da dutsen ya tsage: kilomita 75 a saurin kilomita 6 yana cin sakan 12 da rabi, don haka a cire shi daga lokacin isowar P, sai a sauka kusa da 11:11 da sakan 1, wanda shi ne lokacin da cibiyoyin bincike suka bayar. Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne ko da agogon tashar ya yi gaba ko ya yi baya da minti guda, nisan ba zai canza ba. Kuskuren agogon yana jikin lokutan biyu, kuma yana ɓacewa da zarar an ɗebe ɗaya daga ɗaya. A zamanin da babu tauraron ɗan'adam mai daidaita agogon tashoshi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai tazarar ta faɗi nisa ne kawai, ba ta faɗi fuska ba. Kilomita 75 daga Marakesh yana iya zama gabas, yana iya zama arewa. Abin da za a iya yi shi ne a ɗora tsinin kamfas a kan birnin a taswira, a buɗe shi gwargwadon kilomita 75, a zana da'ira. Girgizar tana wani wuri a kan wannan layi. Sai a nemi tasha ta biyu. A Agadir, da ke bakin teku ta kudu maso yamma, tazarar za ta kai sakan 16, wato kusan kilomita 135. Da'irar Agadir za ta yanke ta Marakesh a wuri biyu, ɗaya ta gefen arewa maso yamma, ɗaya ta gefen kudu maso gabas. Wanne ne? Tasha ta uku ce ke raba gardama. A Warzazat, da ke bayan tsaunuka ta gabas, tazarar za ta kai sakan 17, kusan kilomita 143. Da'irarta za ta ratsa kusa da ɗaya daga cikin wuraren biyu ta bar ɗayan. Inda ukun suka haɗu, a yankin Igil cikin tsaunuka, nan ne cibiyar girgizar.

Ba da ka aka zaɓi Warzazat ba. Marakesh da Agadir kusan a layi ɗaya suke da cibiyar, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Da a ce tasha ta uku ma tana kan wannan layi, da ba za ta iya bambance wuraren biyu da kyau ba. Ana son tashoshi su kewaye girgizar ta fuskoki daban-daban. Shi ya sa girgizar da ta auku a cikin teku, inda duk tashoshi ke gefe ɗaya a tudu, ta fi wuyar tsayar wa wuri.

Wanda ya gwada wannan da kamfas a takarda zai ga wani abu da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba: da wuya da'irorin uku su haɗu a ɗigo ɗaya. Yawanci sukan haye juna su bar ɗan fili mai kusurwa uku a tsakiya. Dalili na farko shi ne zurfi. Igiyoyin ba daga saman ƙasa suka taso ba, daga tushen tsagewar suka taso. A girgizar Alhawuz, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta zurfin da kimanin kilomita 19. Kilomita 75 ɗin da tazara ta bayar nisa ne a karkace, daga tushen can ƙasa zuwa na'urar. Idan aka cire zurfin da lissafin alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya, nisan da ke kwance a taswira zai sauko zuwa kusan kilomita 73. A nan bambancin kaɗan ne. Amma ga tashar da ke saman tushen daidai, tazarar gaba ɗaya zurfi ce. Akwai kuma girgizar da ke tasowa daga zurfin kilomita 600 a wasu sassan duniya, inda da'irorin kan haye juna sosai. Yawan hayewar ma alama ce ga mai lura cewa tushen yana da zurfi. Idan babu tasha kusa da cibiya, zurfi ne abin da ya fi wuyar tantancewa, kuma shi ya sa a daren Maroko hukumomi daban-daban suka yi kusan daidai a kan wuri amma suka saɓa a kan zurfi.

Dalili na biyu shi ne karanta zanen. Isowar P tana da sauƙin gani, domin ta faɗo ne a kan layi mai natsuwa. S kuwa tana isowa ne ƙasa na cikin rawa, sai mutum ya nemo ta a cikin hayaniyar da P ta bari. Kuskuren sakan ɗaya kilomita takwas ne a taswira. Masu aikin suna da hanyar rage wannan. Na'urar zamani tana auna motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, arewa da kudu, gabas da yamma. Da yake igiyoyin suna hawowa ne daga ƙasa kusan a tsaye, P ta fi fitowa a zanen sama da ƙasa, S kuma ta fi fitowa a zanen biyu na kwance. Sai a jera ukun a duba inda na kwance suka yi girma kwatsam, rawar kuma ta rage sauri. Aikin yana ƙara wuya bayan babbar girgiza, lokacin da ƙanana ke biyo baya ɗaya bisa ɗaya. Minti 19 bayan ta farko, Alhawuz ta sake motsawa da maki 4.9. Idan biyu suka zo kusa da juna, ana iya haɗa P ɗin wannan da S ɗin waccan a samu nisan da babu shi. Alamar an yi haka ita ce da'irar wannan tashar ta ƙi zuwa ko kusa da sauran.

Dalili na uku ƙasar da ke ƙarƙashin tashar. Kilomita 6 da 3.5 saurin dutse mai tauri ne. A kwari mai yashi da laka igiyoyin suna rage gudu, S ma ta fi raguwa, sai tazarar ta ƙaru, girgizar ta yi kamar ta fi nisa. Saboda haka ake son kafa tasha a kan fa, nesa da titi da injin niƙa da wurin fasa dutse.

A yau ba a zama da kamfas. Kwamfuta ce ke karɓar lokutan isowa daga tashoshi da dama, ta yi hasashen wuri da zurfi da lokaci, ta lissafa lokacin da ya kamata kowace igiya ta isa kowace tasha, ta gwada da abin da aka gani, ta gyara, ta sake gwadawa har bambancin ya ƙanƙance. Amma tushen aikin shi ne dai wancan: igiya biyu, sauri biyu.

Wannan tazara tana da wani amfani da ya wuce taswira. Tunda mai rauni ce ke isowa da farko, ana iya ɗaukarta a matsayin gargaɗi. Japan ta fara aika wa jama'a irin wannan sanarwa a 2007, kuma jiragen ƙasanta masu gudu suna taka birki da kansu idan na'ura ta ji P. A Meziko an jera na'urori a gaɓar teku, kimanin kilomita 300 daga babban birni, kuma da yake saƙon rediyo ya fi kowace igiyar ƙasa sauri, birnin kan samu kusan minti ɗaya kafin jijjigar ta iso. Amma lissafin da ya ba da wannan minti shi ne kuma yake hana shi ga wanda ya fi buƙata. Ƙauyen da ke saman tushe mai zurfin kilomita 19 zai ji P bayan sakan 3, ya ji S bayan sakan 5 da rabi. Sakan biyu da ɗan wani abu ke nan, da dare, a gidan ƙasa da dutse. Babu ƙararrawar da za ta yi aiki a wannan ɗan lokaci. A irin wannan wuri ingancin gini ne kaɗai kariya, kuma bai dace a sayar wa mutane na'urar gargaɗi da alƙawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Ninkawa da 8.4 ma tana da iyaka. Igiyoyin daren nan sun ratsa ƙarƙashin Sahara. Daga cibiyar girgizar zuwa Kano kimanin kilomita 2,700 ne. A wannan nisa P tana isowa bayan minti 5 da sakan 20 ko kusa da haka, S kuma bayan kusan minti 9 da sakan 40. Tazarar sakan 260 ke nan. Idan aka ninka da 8.4 za a samu ƙasa da kilomita 2,200, an yi kuskuren kilomita 500. Me ya faru? Igiyar da za ta yi tafiya mai nisa ba a ɓawon ƙasa take zama ba. Tana nutsawa ƙasa da shi, inda dutse ya fi tauri, P ta haura kilomita 8 a sakan, S ta kai 4.5, sannan ta lanƙwaso ta fito. A can abin ninkawa ya fi kusa da 10, kuma yana ƙaruwa da nisa. Da zarar nisa ya wuce kilomita ɗari biyu ko uku, sai a ajiye ninkawa a ɗauko jadawalin lokutan tafiya, wanda aka tattara daga girgizar ƙasa masu yawa da aka san wurarensu. Mafi shahara shi ne wanda Harold Jeffreys da Keith Bullen suka fitar a 1940, aka yi shekaru da dama ana aiki da shi.

Idan aka ƙara nisa, dabarar takan tsaya cak. Bayan kimanin kilomita 11,500, igiyar S da ta taho kai tsaye ba ta isowa ko kaɗan. Hanyarta ta bi ta tsakiyar duniya, wadda ke farawa a zurfin kusan kilomita 2,900, kuma sashen waje na wannan tsakiya narkakken ƙarfe ne. Ruwa yana tirjiya idan an matse shi, don haka P tana ratsa shi. Amma idan aka karkata ruwa ba ya dawowa yadda yake, babu abin da zai miƙa motsin gaba, sai S ta mutu a bakinsa. Rashin isowarta yana cikin manyan hujjojin da aka gane da su cewa wannan sashe a narke yake, alhali ramin da ɗan'adam ya taɓa haƙawa mafi zurfi bai wuce kilomita 12 da kaɗan ba.

A Nijeriya manyan girgizar ƙasa ba su zama ruwan dare ba, amma ƙasa takan motsa. Ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape da ke Abuja a watan Satumban 2018, har mutane suka shiga tambaya ko fasa dutse ne ko tsagewa ce daga ƙasa. Cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi tana cikin masu sa ido kan irin wannan motsi. Daga Toro zuwa Mpape kimanin kilomita 200 ne, tazarar kusan sakan 24. Ƙaramin motsi a wannan nisa yakan iso da rauni, S ɗinsa ta yi wuyar gani, kuma kuskuren sakan ɗaya ya isa ya ɗauke cibiyar daga wannan unguwa ya kai ta waccan. Zurfi kuwa, wanda shi ne ke taimakawa a bambance nakiyar masu fasa dutse da tsagewar gaske, ba ya samuwa da kyau sai da na'urar da nisanta daga cibiyar bai wuce ninki ɗaya ko biyu na zurfin ba. Ga motsin da ya taso daga kilomita 10 a ƙasa, wannan yana nufin tasha a cikin kilomita 10 zuwa 20 daga wurin, inda tazarar P da S ba za ta wuce sakan uku ba.